Rage Tuwo da Tsarin Keto: Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi yawo tsakanin masu son rage ƙiba da masu ciwon suga tun da tsarin keto ya shigo gari. Wasu amsoshin gajeru ne, wasu kuma sai an zauna. Wanda yake shan maganin suga ko na hawan jini, kada ya sauya abincinsa sai ya karanta amsoshin da suka shafi suga da hawan jini tukuna.

Mene ne bambancin rage kabohaidiret da keto?

Kabohaidiret shi ne sitaci da sukarin da ke cikin abinci: tuwo kowane iri, shinkafa, taliya, burodi, doya, dankali, garin kwaki, waina, kunu, fura, zuma, dabino da lemon kwalba. Duk waɗannan in sun shiga ciki sai su narke su koma sukarin jini, wato gulukos.

Wanda ya riƙe abin da yake ci ƙasa da giram 130 a rana, ana cewa ya rage kabohaidiret. Keto kuwa shi ne ƙarshen tsanani: giram 20 zuwa 50 kacal a wuni guda, furotin daidai gwargwado, sauran ƙarfin jiki kuma daga mai da kitse. Domin a gane ƙanƙantar giram 50, dafaffiyar shinkafa giram 100, wadda ba ta wuce ludayi ɗaya mai kyau ba, tana ɗauke da kusan giram 28. Ludayi biyu ke nan sun cinye kason wuni gaba ɗaya, ba a zo maganar shayi ba.

Mutane da yawa da ke cewa suna keto, rage tuwo kawai suka yi. Ba laifi ba ne, sau da yawa ma shi ya fi musu. Amma abubuwa biyu ne daban, kuma haɗarinsu ba ɗaya ba ne.

Daga ina tsarin ya fito?

Ba don rage tumbi aka ƙirƙiro shi ba. Tun da can likitoci sun lura cewa in mai farfaɗiya ya daɗe bai ci abinci ba, faɗuwar tana raguwa. Sai dai ba a iya barin yaro da yunwa har abada. A 1921 wani likita a asibitin Mayo na Amurka, Russell Wilder, ya kawo shawarar abinci mai yawan kitse da ƙarancin sitaci, wanda zai sa jiki cikin yanayin mai azumi alhali yana ci. Tsarin na asali yana ba da giram 4 na kitse a kan kowane giram 1 na furotin da kabohaidiret a haɗe, kuma da sikeli ake auna kowace loma. Har yanzu ana amfani da shi ga yaran da farfaɗiyarsu ta ƙi jin magani, a ƙarƙashin kulawar asibiti. Wanda ya fito da rage sitaci kasuwa a matsayin hanyar rage ƙiba shi ne Robert Atkins, wani likitan zuciya a Amurka, daga 1972.

Me ke faruwa a jiki in aka yanke sitaci?

Jiki yana da ajiya iri biyu. Akwai 'yar ajiyar sukari da ake kira gilaikojin, kusan giram 100 a hanta da kusan giram 400 a tsoka, sannan akwai kitse. Ta farkon kamar kwanon garin da ke ɗakin girki ne, ta biyun kuwa rumbu ce. Muddin kwano bai ƙare ba, ba a cika waiwayar rumbu ba.

In mutum ya daina cin sitaci, ajiyar hanta takan yi ƙasa cikin kwana ɗaya ko biyu. Sinadarin insulin, wanda shi ke umartar jiki ya adana abinci, sai ya sauka. Saukarsa ce ke buɗe wa kitse hanya ya fito cikin jini. Tsoka tana iya ƙona kitsen kai tsaye, amma ƙwaƙwalwa ba ta iyawa, ga shi kuma tana buƙatar kusan giram 120 na sukari kullum. A nan hanta ke shigowa: tana sarrafa kitsen zuwa wasu sinadarai da ake kira keton, waɗanda ƙwaƙwalwa ke iya amfani da su. Ragowar sukarin da ba makawa sai da shi, hanta ce ke haɗa shi daga furotin da wani ɓangare na kitse.

Wannan yanayin shi ake kira ketosis, kuma yawanci ana shiga shi cikin kwana 2 zuwa 4. Na'urar gwajin jini tana nuna keton tsakanin 0.5 da 3.0 mmol/L. Ɗaya daga cikin sinadaran, asiton, ta numfashi yake fita, shi ya sa bakin mai keto ke yin wani wari irin na ruwan goge jan farce. Goge baki ba ya kawar da shi gaba ɗaya, tunda daga huhu yake tasowa.

Na rage kilo uku a makon farko. Kitse ne ya narke?

Mafi yawansa ruwa ne, kuma lissafin ba shi da wuya. Kowane giram ɗaya na gilaikojin yana riƙe da kusan giram uku na ruwa. In ajiyar giram 500 ta zube, ta tafi da ruwa kusan kilo ɗaya da rabi, jimla kilo biyu ke nan. Bayan haka, in insulin ya sauka ƙoda tana sakin gishiri, gishiri kuma ba ya fita shi kaɗai, sai ya ja ruwa. Abin da ya sa kake ta zaryar banɗaki a kwanakin farko ke nan.

Kitse kuwa ba ya gaggawa. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kusan kalori 7,700, kalori kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki. Wanda ya rage kalori 500 kullum daga abin da jikinsa ke ƙonawa, kusan rabin kilo zai sauke a mako. To a cikin kilo ukun nan, kitsen gaske da wuya ya wuce rabin kilo zuwa ɗaya. Masu tallar shayin rage ƙiba da tsarin kwana bakwai sun san wannan sarai, a kan ruwan nan suke cin kasuwarsu.

Sanin haka yana da amfani a mako na uku, lokacin da sikeli ya tsaya cak mutum ya ɗauka tsarin ya daina aiki. Ruwan ne ya gama fita, yanzu aka zo kan aikin gaske.

To yana rage ƙiba ko ba ya ragewa?

Yana ragewa, kuma babban dalilin shi ne mutum yana cin ƙasa da yadda ya saba ba tare da ya sha wuya sosai ba. Ƙwai da nama da mai suna riƙe ciki, keton ma yana danne yunwa, sannan an rufe ƙofar cincin, biskit, fanke da lemo. A watanni shida na farko masu rage sitaci sukan ɗan sha gaban masu rage mai. In aka kai shekara, tazarar takan kusa ɓacewa. A wani gwaji da Jami'ar Stanford ta fitar a 2018, an raba mutum 609 gida biyu na tsawon wata 12: masu rage sitaci sun sauke kusan kilo 6, masu rage mai kusan kilo 5.3. Bambancin bai taka kara ya karya ba.

Wani kuskuren da ake yawan yi shi ne ɗaukar cewa mai ba ya ƙirguwa. Giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na sitaci 4. Wanda ke kwarara man shanu a shayi yana cinye ƙullin gyaɗa uku a zama ɗaya zai iya kasancewa cikin ketosis amma tumbin yana nan daram.

Me zan ci a gida irin namu?

Nan ne gizo ke saƙar, domin abincinmu a kan hatsi aka gina shi. Bari mu ɗauki wunin wata ma'aikaciya, mu lissafa. Da safe ta sha shayi da sukari ƙwaya uku (giram 12) da burodi yanka uku (kusan 40). Da rana shinkafa da wake faranti ɗaya, a ƙalla giram 90, ta kora da lemon kwalba ɗaya, wanda shi kaɗai ya kai giram 35 ko fiye. Da dare tuwon masara malmala biyu matsakaita, sun haura giram 100. Ba ta ci wani abin a zo a gani ba, amma ta doshi giram 280.

In ta cire lemo da sukarin shayi, ta mayar da burodi ƙwai biyu da kabeji, ta raba shinkafar biyu, ta ci malmala ɗaya ƙarama da miya mai yawa, ta sauko kusa da 100 zuwa 120. Wannan rage kabohaidiret ne, kuma daga tukunyar gida ɗaya za ta ci da kowa.

In keto take so, sai shinkafa da tuwon su fita gaba ɗaya. Abin da ya rage mata: ƙwai, kifi, kaza, nama, awara, cuku, man gyaɗa, manja, man shanu, fiya, kwakwa, riɗi, agushi, da ganyaye irin su zogale, rama, alayyafo, yakuwa, kabeji da latas, ga kuɓewa da yalo da kokwamba. Miyar kuka, ta kuɓewa da ta karkashi duk suna shiga. Kwaɗon zogale da ƙuli daidai misali abinci ne mai kyau a wannan tsarin, haka ma farfesu da gasasshen kifi. Wasu suna markaɗa kabeji su tace su tuƙa shi ya zama abin haɗiya. Ɗanɗanonsa dai sai wanda ya saba.

A lura da abubuwan da ke shigo da sitaci ta bayan gida: wake da duk 'ya'yansa (ƙosai, alale, ɗanwake), yogot na kanti mai sukari, zoɓon da aka zaƙaƙa, madarar gwangwani mai zaƙi, da albasa ko tumatir in sun yi yawa. Sannan maganar kuɗi: mudun masara yana ciyar da gida, kilon nama kuwa ba ya yi. Duk wanda ya ce keto ba shi da tsada, bai je kasuwa ba.

An ce acha da alkama ba su da sitaci. Haka ne?

Ba haka ba ne. Acha, alkama, gero, dawa da ɗanyar agada duk sitaci ne. Wasunsu sun fi farar shinkafa harza, wato ɓangaren da ciki ba ya narkarwa, don haka sukarinsu yana iya ɗan jinkirin shiga jini, amma malmalar tuwon alkama ba ta da nisa da ta masara a lissafi. Zuma ma haka: babban cokali ɗaya giram 17 ne na sukari.

Kwana uku da farawa kaina yana sarawa, jiri nake ji in na miƙe. Lafiya?

Wannan shi ne abin da wasu ke kira murar keto, ko da yake ba mura ba ce. Yakan zo tsakanin kwana na biyu da na bakwai: ciwon kai, kasala, jiri, saurin fushi, ɗaurewar tsokar ƙafa cikin dare, bugun zuciya, wani lokaci tashin zuciya. Dalili biyu ne suka haɗu. Gishiri da ruwa sun zube, ƙwaƙwalwa kuma ba ta gama sabawa da keton ba.

Mai lafiya wanda ba shi da hawan jini ko ciwon ƙoda, ya ƙara shan ruwa, ya sha romo mai ɗan gishiri, ya yawaita ganye, ya ɗaga motsa jiki mai tsanani zuwa mako na gaba. Yawanci abin yana lafawa cikin mako ɗaya ko biyu. Wanda ya sauko a hankali, yana rage tuwon mako bayan mako, bai cika shan wannan wahalar ba. Kuma ban ga hikimar farawa a tsakiyar zafin Afrilu ba, lokacin da gumi kaɗai ya isa ya tsotse mutum.

Taurin bayan gida ma yana biyo baya, tunda hatsi da wake da ke kawo harza sun fita. Kuɓewa, zogale da ruwa su ne maganinsa. Wasu kuma akasin haka ke samunsu, gudawa saboda yawan mai.

Abin da ba na sabawa ba ne: amai da ya ƙi tsayawa, ciwon ciki mai tsanani, numfashi mai zurfi da sauri, ruɗewa ko suma. Wannan asibiti ne nan take.

Ina da ciwon suga. Ba ni ne na fi dacewa da wannan tsarin ba?

Ta wani gefe haka ne. A ciwon suga nau'i na biyu, rage sitaci yana sauke sukarin jini da sauri, wasu har likita ya rage musu magani. Amma saurin nan shi ne haɗarin, domin an auna maka maganin ne a kan abincin da ka saba ci.

Ɗauki magidanci mai shan gilibenkilamaid kowace safiya. Aikin wannan ƙwayar shi ne matsa wa jiki ya fitar da insulin, ko an ci tuwo ko ba a ci ba. Ranar da ya karya da ƙwai zalla ya haɗiye ƙwayarsa yadda ya saba, insulin zai fito bai tarar da sukarin da zai yi aiki a kai ba, sai ya kwashe ɗan wanda ke jinin. Kafin azahar sai gumi mai sanyi, karkarwa, yunwa mai tsanani, magana tana harɗewa. In yana kan babur a lokacin, ka san sauran. Sukarin da ya faɗi ƙasa da 3.9 mmol/L, ko 70 mg/dL, ya yi ƙasa. Abin yi shi ne a sha giram 15 na sukari nan take, kamar ƙwayar sukari huɗu ko rabin kwalbar lemo, a sake gwaji bayan minti 15. A wannan halin ba a maganar kiyaye keto. Irin wannan haɗarin yana kan masu allurar insulin da masu shan gilikilazaid ko gilimefiraid. Metfomin shi kaɗai bai cika jawo haka ba.

Akwai wani rukunin da ya fi wannan ban tsoro: magungunan da ke fitar da sukari ta fitsari, irin su dafagilifulozin da emfagilifulozin. Haɗa su da keto yana iya jawo ketoasidosis, wato tsamin jini mai iya kisa, alhali na'ura tana nuna sukari lafiya lau, sai mutum ya yi ta zama a gida yana ganin ba komai. Mai shan waɗannan kada ya yi keto.

Mai nau'i na ɗaya kuwa, wanda jikinsa ba ya yin insulin, ba ya taɓa wannan tsarin sai da ƙwararren likita, kuma ba ya daina allura don ya daina cin tuwo.

Ketosis da ketoasidosis abu ɗaya ne?

A'a. A jikin mai lafiya, ɗan insulin da ke nan yana taka wa hanta birki, keton ba ya wuce iyaka. In babu insulin, ko ya yi ƙaranci ƙwarai, hanta sai ta yi ta zubo keton har jini ya yi tsami, ruwan jiki ya ƙafe. Wannan shi ne ketoasidosis, kuma yana kisa in ba a kai asibiti ba. Mai ciwon suga da ya ga keton ya kai 3.0 mmol/L, ko yana amai ba ya iya riƙe ruwa, kada ya jira gari ya waye.

Ni hawan jini gare ni.

Rage ƙiba da zubar gishiri suna sauke jini, maganin ma yana saukewa. In suka haɗu sai ka miƙe daga tabarma ka ga duhu. Wannan ya fi faruwa ga masu shan maganin sa fitsari. Ka sanar da likitanka kafin ka fara, ka riƙa auna jinin a gida, kuma shawarar ƙara gishiri da ke sama ba taka ba ce.

Ina shayarwa, ina so in sauke ƙibar haihuwa. Zan iya?

Ki haƙura da keto tukuna. Haɗa nono yana jan sukari mai yawa daga jikinki kullum, kuma an samu masu shayarwa da ba su da ciwon suga da suka faɗa ketoasidosis bayan sun yanke sitaci, musamman in zazzaɓi ko rashin cin abinci ya haɗu da shi. Ki rage sukarin kunu da lemo, wannan ya isa a yanzu. Mai juna biyu ma haka, ko da an ce mata tana da sugan ciki: asibiti ne zai tsara mata yawan abin da za ta ci.

Su wane ne kuma ya kamata su yi hattara?

Mai ciwon ƙoda, domin yawan nama yana ƙara wa ƙodar nauyi, kuma lissafin gishirin jikinsa ba irin na kowa ba ne. Wanda ya taɓa yin tsakuwar ƙoda, tunda keto yana ƙara yiwuwar dawowarta. Mai ciwon gaɓoɓi na gawut, saboda yurik asid, sinadarin da ke haddasa ciwon, yakan hau a makonnin farko. Mai ciwon hanta, mai tsakuwar matsarmama, da wanda fankiriyas ɗinsa, wato sashen ciki da ke yin insulin, ya taɓa kumbura, duk yawan mai na iya tayar musu da ciwo. Mai sikila ya tuna cewa ƙafewar ruwan jiki tana cikin abubuwan da ke tayar da ciwonsa, makon farko na keto kuwa makon zubar ruwa ne.

Yara da matasa masu tasowa ba a sa su sai don magani a asibiti. Tsofaffi masu rauni, tsoka suke buƙata ba rama ba. Wadda ta taɓa fama da matsalar ƙin cin abinci ko yin amai da gangan don tsoron ƙiba, tsarin da ya cika haramce-haramce yana iya mayar da ita gidan jiya.

Duk wannan man ba zai toshe jijiya ba?

Jiki jiki ne. Yawanci kitsen jini da ake kira tiraigilisaraid yana sauka, kolestarol mai kyau, HDL, yana ɗan hawa. Amma LDL, wanda ke taruwa a jijiyoyin jini, yana hawa a wasu mutanen, wani lokaci sosai, har da siraran mutane. Ba a jin sa a jiki, gwaji kaɗai ke nunawa. A yi gwajin kafin farawa, a maimaita bayan wata biyu zuwa uku. In ya hau, a rage man shanu, kitsen nama, manja da man kwakwa, a koma kifi, gyaɗa, riɗi, fiya da man zaitun.

Za a iya haɗa shi da azumi?

Mai lafiya da ya riga ya saba da tsarin yana iyawa, in ya kula da ruwa tsakanin buɗa-baki da sahur. Farawa a cikin Ramadan dai tara wa kai wahala biyu ne. Dabino ƙarami ɗaya kusan giram 5 ne, don haka buɗa baki da shi ba ya rushe lissafi. Kunu, ƙosai da soyayyen dankalin da ke biyo baya su ne masu rushewa. Mai shan maganin suga ya ga likita kafin watan ya kama.

In na daina, ƙibar za ta dawo?

Kilo ɗaya zuwa biyu za su dawo cikin 'yan kwanaki, domin gilaikojin ya koma mazauninsa da ruwansa. Wannan ba kitse ba ne, kada ya tayar maka da hankali. Kitsen yana dawowa ne in an koma tsohon faranti da tsohon lemo. A dawo da sitacin a hankali cikin mako biyu ko uku, a fara da wake, 'ya'yan itace da ƙaramar malmala sau ɗaya a rana. Wanda likita ya rage wa maganin suga ko na hawan jini lokacin da yake kan tsarin, ya koma a sake auna masa, domin sukarin da jinin za su iya hawa tare da dawowar tuwon.